Janaretanmu na zafi alhali mita na cewa lodi bai cika ba

Salamu alaikum Injiniya. Ni ne mai kula da wuta a wani kamfanin casar shinkafa a wajen Argungu. Janaretanmu 500 kVA ne, 400 kW, bolt 400, amfiya 722. Abin da nake gani a allo 280 kW ne, amfiya 660, PF 0.61. Inji na tafiya lafiya lau a 50 Hz, amma da rana altanato sai ya riƙa warin banish, kuma sau biyu wuta ta faɗi ƙasa lokacin da muka tayar da babban moto. Yanzu maigida yana son ƙara layi na 60 kW, wai ai da sauran 120 kW. Ina matsalar take, kuma zai ɗauka?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada a ƙara layin nan tukuna. A yadda janaretan yake yanzu ba shi da sauran wuri, kuma inda ya cika ɗin ba wata mita a allonka da ke kallonsa. Roto ne, wato kwayil ɗin da ke juyawa a tsakiya yana samar da maganaɗisu.

Abu uku ne ke aiki cikin abin da muke kira janareta, kowane da iyakarsa. Injin dizal bai san komai ba sai kW, domin shi ne ƙarfin da ke cin mai. Kwayil ɗin sitato, wanda ke jikin gangar ba ya motsi, bai san komai ba sai amfiya. Ko amfiyar ta aiki ce ko ta maganaɗisu ce, zafi ɗaya take sa masa, shi ya sa ake rubuta ƙarfinsa da kVA. Shi kuwa kwayil ɗin roto yana da tasa wutar daban, wadda AVR, na'urar da ke daidaita boltej, ke turawa ta hannun eksaita da diyod masu juyawa, kuma zafinsa ya dogara ne da yawan wannan wutar. Maigida ya dubi na farko ya ga kashi 70 cikin ɗari. Kai ka dubi na biyu ka ga kashi 91. Na ukun za mu lissafa, kuma za ka ga ya kai kusan 99.

Motocin lantarki da ke juya injinan casa da na goge da fankoki duk sai sun gina maganaɗisu a cikinsu kafin su yi aiki. Wutar da ke gina shi ba ta zama aiki, kaiwa da komowa take yi tsakanin moto da janareta, amma tana bi ta waya kamar kowace wuta. Ita ce kVAR. Alƙalumanka sun isa mu fitar da ita:

```
S = 1.732 × 400 × 660 / 1000 = 457 kVA
Q = √(457² − 280²) = 361 kVAR
```

Sai ka kwatanta da abin da aka ƙera janaretan a kai. Farantin jikinsa ya ce 500 kVA a PF 0.8, wato 400 kW tare da 300 kVAR. Ka ga ke nan ta ɓangaren kW kana da sauran 120, amma ta ɓangaren kVAR ka zarce da 61. Wannan kaɗai bai nuna ka karya iyaka ba, domin idan kW ya ragu janareta na iya ba da kVAR fiye da 300. Tambayar ita ce nawa. Yawancin mutane suna zaton duk abin da bai kai amfiya 722 ba halas ne, kuma a nan ne ake ƙona roto.

Dalili kuwa shi ne amfiyar da ke bi ta sitato ita ma tana yin nata maganaɗisun, kuma yadda yake karo da na roto ya dogara da irin lodin. Idan lodin kW ne zalla, kamar hita, maganaɗisun sitato yana zuwa ne ta gefe, ya karkatar da na roto amma bai rage shi sosai ba. Idan lodin kVAR ne irin na moto, gaba da gaba yake zuwa, yana kashe na roto kai tsaye. Boltej sai ya fara sauka, AVR ya gani, ya ƙara wutar roto don ya mayar da shi 400. Saboda haka amfiya ɗari ta kVAR ta fi amfiya ɗari ta kW tsada a wurin roto nesa ba kusa ba, alhali a kilam mita duk ɗaya suke.

Akwai zane da masu ƙera janareta ke bayarwa wanda ya tattara duk wannan a shafi guda, zanen iyakar ƙarfin janareta. Idan ba a ba ku ba, za ka iya zana kwatankwacinsa da takardar giraf da kamfas na akwatin lissafin ɗalibai, kuma ina ba ka shawara ka zauna ka yi, don abin da hannu ya zana ba ya mantuwa. Ja layi a kwance na kW, ja wani a tsaye na kVAR, su haɗu a sifiri. Santimita ɗaya ta zama 50. Sama da layin kwance shi ne inda janareta ke ba da kVAR, wanda allo ke nunawa da LAG ko IND. Ƙasa da shi kuma inda yake shanye kVAR, allo ya nuna LEAD ko CAP. Wasu kamfanonin suna juya zanen, kW ya koma tsaye, amma abin ɗaya ne.

Kafa tsinin kamfas a sifiri, buɗe shi santimita 10, ka ja da'ira. Wannan ce iyakar sitato, 500 kVA ta kowace fuska, domin duk wurin da ke kan wannan da'irar amfiya 722 ne. Sannan ka ja layi a tsaye a santimita 8 ta dama. Wannan ce iyakar injin dizal, 400 kW.

Da'ira ta biyu ita ce ta roto, kuma tsakiyarta ba a sifiri take ba. Tana can ƙasa a kan layin kVAR, kuma nisanta ya dogara da wani adadi da ake rubutawa Xd a takardar bayanan altanato. Don lissafinmu bari mu ɗauka 2.0 ne. Tsakiyar tana nan:

```
Q0 = −S / Xd = −500 / 2.0 = −250 kVAR
```

Wato santimita 5 ƙasa da sifiri. Kafa tsinin kamfas a nan, ka buɗe shi har fensir ya taɓa wurin da aka ƙera janaretan a kai, 400 kW da 300 kVAR. Za ka samu buɗewar ta kai santimita 13.6, wato 680. Ja baka daga wannan wurin zuwa hagu har ta taɓa layin tsaye. Za ka ga ta shiga cikin da'irar farko, ta yanke mata kai, ta sauka a 430 maimakon 500.

Abin kamar akuya ce da aka ɗaure da igiya biyu a turke biyu. Igiya ɗaya gajeriya ce, turkenta na kusa. Ɗayar doguwa ce amma turkenta na can baya. Akuyar ba ta cin ciyawa sai inda igiyoyin biyu suka kai, kuma wadda za ta fara shaƙe ta ya danganta da fuskar da ta nufa. In ta nufi dama, wajen kW, igiyar sitato ce ke riƙe ta. In ta nufi sama, wajen kVAR, ta roto ce ke fara miƙewa. Inda igiyoyin biyu suke miƙewa lokaci guda wuri ɗaya ne tak, shi ne PF 0.8 da ke rubuce a faranti. Ma'anar wannan 0.8 ɗin ke nan. Ba umarni ba ne cewa sai an yi aiki a 0.8, sanarwa ce cewa idan PF ya sauka ƙasa da nan roto ne mai hukunci.

Amfanin wannan zanen shi ne nisan kowane wuri daga turke na biyu yana gaya maka yawan wutar da roto ke sha. Ba lodi, kana sifiri, nisan 250 ne cikin 680, kashi 37. A cikakkiyar amfiya 722 ta kW zalla, nisan 559 ne, kashi 82. A amfiya 722 da PF 0.8, kashi ɗari cif. A amfiya 722 ta kVAR zalla, nisan 750 ne, kashi 110. Amfiya ɗaya ce a duk ukun nan na ƙarshe, amma tun da zafin waya yana tafiya ne da amfiya sau kanta, zafin roto ya tashi daga kashi 68 zuwa ɗari zuwa 122.

Yanzu ɗora naka wurin: santimita 5.6 ta dama, 7.2 ta sama.

```
√(280² + (361 + 250)²) = 672
672 / 680 = 0.99
```

Ga shi nan. Fensirinka na gogar bakar roto, alhali tsakaninsa da da'irar sitato akwai kusan santimita guda. A 280 kW, sitato zai yarda da kVAR har 414, roto kuwa 370 ne ƙarshensa. Kana 361.

Kada Xd ɗin da na ɗauka ya dame ka. A takardun ƙananan altanato irin naku an fi ganin adadi kusa da 3, kuma idan ka sake zanen da 3, iyakar roto a 280 kW za ta koma 380 maimakon 370. Bambancin kaɗan ne a ɓangaren sama. Kuma a zahiri ƙarfen roto yana ƙoshi da maganaɗisu, idan ya kusa cika kowane ƙarin boltej sai ya ci wuta fiye da yadda lissafi ya nuna, don haka ɗaukar ƙaramin adadin ya fi kusa da gaskiya. Haka nan roto mai fitattun kawuna huɗu irin na janaretan dizal ba ya ba da cikakkiyar da'ira, amma a wannan yankin da muke magana bambancin bai kai a tsaya a kansa ba. Idan ka samu zanen kamfanin da ya ƙera, shi ne gaba da nawa.

To in kana ƙasa da iyaka da kVAR tara, me ya kawo warin banish? Rana. Duk alƙaluman faranti an rubuta su ne bisa sharaɗin iskar da ke shiga altanato ba ta wuce digiri 40 ba. A Argungu daga Maris zuwa Mayu iskar waje ma tana wuce haka, balle ɗakin janareta mai rufin kwano, da lagireto na huci, da salansa a gefe. Rataya ma'aunin zafi daidai ragar da altanato ke jan iska, a bayansa, da ƙarfe uku na rana. Ba zan yi mamaki ba in ka ga 50. Abin da masu ƙerawa suka saba bayarwa shi ne a rage kusan kashi 3 a kan kowane digiri 5 da ya hau kan 40. A digiri 50 ke nan janaretanku ya koma 470 kVA. Da'irar sitato ta koma amfiya 678, kuma har yanzu 660 ɗinka na ciki. Bakar roto kuwa ta matso daga 680 zuwa wajen 651, abin da ya sa iyakar kVAR a 280 kW ta sauko 338. Ka zarce da 23. Da safe kana ciki, da azahar kana waje, kuma ba abin da ya canja a allo.

Ƙara da ƙurar ɓuntu. A kamfanin shinkafa ita ce babbar abokiyar gaba, don tana haɗuwa da tururin mai ta manne a kan kwayil da hanyoyin iska, ta zama bargo. Na sha buɗe murfin bayan altanato in tarar raga ta toshe rabi, ana ɓamɓaro ƙurar da hannu tana fitowa falle-falle. Rufin waya na ajin H, wanda yawancin waɗannan janaretoci ke da shi, an yi shi ne ya jure digiri 180 a wuri mafi zafi. Wuce wannan ba ya ƙona shi nan take. Gasa shi yake yi a hankali, kuma ƙa'idar da aka saba aiki da ita ita ce kowane ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransa biyu. Warin da kake ji shekarun roton ne ke tafiya.

Faɗuwar wuta lokacin tayar da babban moto ma daga nan take. Moto idan zai tashi kai tsaye yana jan amfiya wajen ninki shida na tasa, kuma kusan duk kVAR ce. Zanen da muka yi na aiki ne mai ɗorewa, janareta na iya tsallake bakar na 'yan daƙiƙoƙi ba abin da zai same shi, muddin AVR na da sauran abin da zai tura. Naka ya riga ya kusa ƙure hannunsa tun kafin a danna maɓallin. Boltej ya sauka, sauran motocin da ke aiki suka ƙara jan amfiya don su riƙe lodinsu, babban moton ya daɗe bai kai gudunsa ba, AVR ya tsaya a ƙololuwa. Da yawansu suna da kariya da ke yanke wutar eksaita idan ta daɗe a sama na wasu daƙiƙoƙi, kuma ba ta komawa sai an kashe inji an sake tayarwa. Idan abin da ka gani ke nan, inji na ruri a 50 Hz amma boltej ya zube, to kariyar ce ta yi aikinta. Za a samu wanda zai ce a murɗa ta sama ko a canja AVR. Kada ka yarda. Ita ce kaɗai ke tsaron roton.

Kafin a kashe kuɗi, tabbatar da maganata da mita. Janareta mara burushi ba ya ba ka damar auna wutar roto kai tsaye yana juyawa, amma za ka iya auna wadda AVR ke tura wa eksaita, kuma tare suke hawa da sauka. Wayoyi biyu ne, ana rubuta musu F1 da F2, ko X da XX, ko E+ da E−, gwargwadon kamfani. Ɗaura wayoyin mita inji na kashe, ka fito da su waje, ka mayar da murfi, sannan a tayar, don akwatin nan akwai wutar da ke kisa a cikinsa. Sa mita a DC. Rubuta abin da ta nuna ba lodi, sannan da cikakken lodi da safe, sannan da rana. Takardar altanato tana ɗauke da adadin biyun, na ba lodi da na cikakken lodi a PF 0.8. Idan na ba lodi ya yi daidai da takarda, amma na rana ya kai ko ya wuce na cikakken lodi alhali kana 280 kW, magana ta tabbata: lodin ne, ba janaretan ba. Ka tuna boltej ɗin nan yana ɗan hawa da kansa idan kwayil ya yi zafi, don tagulla na ƙara turjiya kusan kashi 4 a kowane digiri 10, saboda haka in kana da halin auna amfiyar eksaita ya fi.

Idan kuwa tun ba lodi adadin ya fi na takarda sosai, to akwai wata cuta daban. Ko diyod ɗaya ta mutu a kan farantin da ke juyawa, ko wasu zagayen wayar roto sun haɗe, ko inji na gudu ƙasa da juyi 1500 a minti, ko kuma wani ya murɗa boltej sama. Wannan na ƙarshen ya zama ruwan dare. A ga fitila ta yi rauni a ƙarshen layi, sai a kai janareta 420 ko 430. Hakan na cin roto ta hanya biyu: shi kansa yana buƙatar ƙarin wuta don ya riƙe boltej mai yawa, kuma motocin da ba su da cikakken lodi suna ƙara jan kVAR idan boltej ya hau. Duba kuma amfiyar layukan uku ɗaya bayan ɗaya. Idan an jibga fitilu da ofis da injin walda a layi guda, rashin daidaiton yana haifar da wani zafin a fuskar roto wanda zanen nan bai ma lissafa da shi ba.

PF 0.61 ya yi ƙasa ƙwarai ga kamfanin shinkafa, kuma da wuya ya zama haka kawai. Zagaya da kilam mita. Moton da ke juyi babu komai a kansa yana jan wajen kashi ɗaya cikin uku na amfiyarsa, kusan duk kVAR. Za ka tarar da lifta da fanka da bel suna ta gudu alhali layinsu ba shinkafa, da moto mai 55 kW a inda 30 zai wadatar saboda shi aka samu a kasuwa, da waɗanda aka sake naɗawa aka rage musu zagaye suna jan amfiya fiye da 'yan'uwansu. Kashe marasa aiki kyauta ne, kuma kowane kVAR da ka cire roto ne ke samun sauƙi.

Sauran sai kafasito. Shi yana samar da kVAR a nan kusa da motocin, janareta ya huta da aikin. Da 150 kVAR, naka 361 zai koma 211. Amfiya ta sauko daga 660 zuwa 506, PF ya koma 0.8, wutar roto ta sauko daga kashi 99 zuwa 79, zafinsa kuma ya koma wajen kashi 63. Kada maigida ya sa rai man dizal zai ragu da yawa, kW ɗin bai canja ba. Ɗan abin da zai ragu na asarar zafin waya ne.

Sai dai a nan ne mutane ke gudun wata iyaka su faɗa wata. Koma kan takardarka ka dubi ƙasan layin kwance. Idan kafasito ya fi abin da motocin ke nema, rarar janareta ce za ta shanye, kuma don ta shanye sai AVR ya rage wutar roto. Kana matsowa kusa da turke na biyu ke nan, inda wutar roto ta zama sifiri. AVR na iya ragewa har sifiri, amma ba ya iya wuce nan. Daga wannan wurin kafasito ne ke ciyar da maganaɗisun janareta da kansa, boltej ya yi ta hawa ba mai riƙe shi. A wannan ɓangaren Xd na gaskiya yana da muhimmanci: idan 3 ne, turken yana 167 kVAR ne kawai ƙasa da sifiri, ba 250 ba, kuma tun kafin a kai can boltej yake fara rawa. Ni a janaretan dizal irin wannan ba na barin abin da zai shanye ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na kVA ɗinsa, wato 100 a naku, kuma na fi son kada ya shanye komai.

Ka ɗauka an ɗaura 200 kVAR a dunƙule a kan babban layi. Lokacin aiki komai zai yi kyau. Ana tashi sallar azahar aka kashe motoci, ko babban bireka na ɓangaren casa ya faɗi, janareta zai tsinci kansa da 200 kVAR a ƙasan layi ba lodi. Abin da zai biyo baya ƙonewar fitilu ne da allunan injin tantance launi, wani lokaci har da AVR ɗin kansa. Don haka kafasiton ya zama mai hawa mataki-mataki, 25 da 50, da na'urar da ke sawa tana cirewa da kanta, a saita ta ta tsaya wajen 0.9 ta ɓangaren LAG maimakon ta kori 1.0. A haɗa shi yadda zai fita duk lokacin da birekan lodi ya buɗe, kuma kada ya shiga sai motoci sun tashi. Idan akwatin da kuke da shi an saita shi ne don wutar layi, ka duba, domin wutar layi na shanye rara ba ta ji ba, janareta kuwa ba haka yake ba. Idan kuma kuna da inbata masu sarrafa gudun moto, a sayi kafasito mai haɗe da cok, in ba haka ba dattin wutar da inbata ke fitarwa zai taru a cikinsa ya kumbura shi.

Wannan ɓangaren na ƙasa shi ne abin da ma'aikatan manyan tashoshi ke fama da shi. Layin 330 kV da ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, mai tsawon kimanin kilomita 310, shi kansa kafasito ne: idan lodi ya yi ƙasa yana zubo fiye da MVAR ɗari, wanda dole ko babban kwayil da ake kira riyakto ya shanye ko injinan tasha su shanye. Injinan ruwa irin na Kainji suna da Xd kusa da 1, turkensu na biyu yana can nesa, don haka suna da fili a ƙasa. Manyan injinan tururi da na gas ba su da wannan filin, kuma suna da ƙarin wata iyakar, zafin da ke taruwa a bakin ƙarfen sitato idan wutar roto ta yi ƙasa. A naku wannan ba shi ne abin tsoro ba, hawan boltej zai riga shi zuwa.

Mu dawo kan layin 60 kW. Idan motocinsa na aiki a PF 0.8 zai zo da 45 kVAR. A yadda kuke yau, jimla 340 kW da 406 kVAR, wato 530 kVA, amfiya 764. Ya fita daga da'irar sitato, ya fita daga ta roto, ko da sanyin asuba. Da 150 kVAR na kafasito zai koma 340 da 256: amfiya 614, nisa daga turken roto 610, ƙasa da 651 na ranar zafi. Zai ɗauka, amma ratar ba ta da yawa ga tashin babban moto. Da 200 kVAR amfiya 574 ce, nisan 569, kuma wannan nake ganin ya dace a saya, mai matakai, tare da gyara hanyar iskar ɗakin yadda hucin lagireto ba zai dawo bayan altanato ba, da busa ƙurar kwayil da busasshiyar iska. Babban moton kuma a riƙa tayar da shi da farko, kafin sauran, lokacin da roto ke da sarari.

Bayan an yi wannan, iyakar da za ku fuskanta ta koma layin tsaye na injin dizal. 340 cikin 400 kashi 85 ne, shi ma inji zafi na rage masa ƙarfi, don haka duba faranti ka ga wane irin 500 kVA ne. Idan an rubuta ESP ko Standby, adadin na gaggawa ne, na aikin kullum ya fi kusa da 450 kVA, kuma sai ka sake duk zanen da wannan adadin, da'irori biyun duka su matse. Idan PRP ne, wato na aikin kullum, ƙa'idar ISO 8528 ta ce matsakaicin lodi a awa 24 kada ya wuce kashi 70 sai in mai ƙerawa ya amince da fiye da haka, wato 280 kW, daidai inda kuke yanzu. Ka ɗauki hoton farantin inji da na altanato duka biyu, don sau da yawa ba adadi ɗaya ke jikinsu ba, kuma ƙaramin ne za a yi aiki da shi.